Rahoton da ya koma gona sau biyu

A ƙarshen watan Agusta aka tura wata ɗaliba mai koyon aikin malamin gona zuwa wani ƙauye a jihar Maraɗi, domin ta duba gonar hatsin wani dattijo da ya kai kuka. Ta yini a can, ta dawo ta rubuta shafi biyu. Zuciyar rahoton jimla ɗaya ce: "Hatsin ya tsumbure saboda ƙarancin ruwa da rashin taki, don haka a sayi takin zamani a zuba."

Malamin da ke kula da ita ya karanta, ya ja layi a ƙarƙashin kalmar "saboda", ya ce: "Wannan kin gani ne, ko an faɗa miki, ko kuwa zato kika yi?" Ta yi shiru, domin dattijon ne ya ambaci ruwa, taki kuma daga littafin aji ta ɗauko shi. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne tun a gona ta furta wannan shawara, dattijon kuwa ya ce zai kai akuyarsa kasuwa ya sayo takin.

Washegari ta koma da littafi da fartanya. Ta fara da abin da ta tsallake: kwanan wata, girman gonar, irin da aka shuka, ranar shuka, ranar ruwan ƙarshe, da abin da aka noma a shekarun baya. Amsar dattijon ta ƙarshe ita ce ta buɗe mata ido: "Ɗiyata, tun da na gaji gonar nan hatsi nake zuba mata."

Ta tona ƙasa zurfin tafin hannu, ta tarar da danshi. Ke nan zancen fari ya raunana. Sai ta zaɓi wurare 5, kusurwoyi huɗu da tsakiya, ta ƙirga gindi 10 a kowane wuri. Cikin gindi 50, 31 suna da ƙuduji, wasu har sun fitar da furensu mai ruwan hoda. A kusurwar da shanu suka kwana da rani kuwa, gindi ɗaya tak ta samu cikin 10, hatsin kuma ya fi na sauran tsawo.

Da ta zauna sake rubutu, sai ta raba maganarta gida uku, kowace da lafazinta. Abin da idonta ya shaida ta fara shi da "na ga" ko "na ƙirga". Abin da ta ji ta jingina shi ga mai shi: "manomin ya ce". Fassararta kuma ta gabatar da ita da "da alama", ta kawo dalili: ƙuduji yakan manne wa saiwar hatsi ya tsotse ruwa da abinci tun yana ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa shukar take kama da wadda fari ya buga. Ya kuma fi ƙarfi a ƙasar da ta gaji, abin da kusurwar shanu take nunawa.

Shawarwarin suka zama uku, kowace tana komawa ga abin da aka ƙirga, tana kuma faɗin mai yi da lokacin yi. Ta farko: a makon nan iyalan gidan su tumɓuke ƙudujin kafin ya zuba iri, su fitar da shi daga gonar su ƙone, domin tushe ɗaya yana iya zubar da dubban ƙwayoyi da za su daɗe a ƙasa fiye da shekara 10. Ta biyu: baɗi a shuka gyaɗa ko wake a ɓangaren da ya fi kamuwa, a kuma kai takin gida can da rani. Ta uku: idan za a sayi takin zamani, a bari sai lokacin shuka, a sa giram 6 na NPK 15-15-15 a kowane rami. Ta yi lissafin a fili: idan tazarar mita ɗaya ce ta kowane gefe, ramuka 10,000 ke nan a hekta, wato kilo 60.

A ƙasa ta ƙara sakin layin da ya fi yi mata wuyar rubutawa: tumɓukewar ba za ta dawo da amfanin bana ba, domin ɓarnar ta riga ta auku, kuma ƙirgar yini ɗaya a gona ɗaya ba ta isa a yi hukunci a kan ƙauyen duka ba.

Malamin ya sa hannu bai ja layi ko ɗaya ba. Ita kuwa kafin ta miƙa rahoton, sai da ta biya gidan dattijon ta ce: "Baba, a bar akuyar nan tukuna. Shawarar da na ba ka ranar nan, na yi gaggawa."