Wasiƙa daga Leeds: jerin masu jiran gurbi

Ƙanena,

Na ga saƙon imel ɗin da ka turo mini, wanda kamfanin nan ya aiko maka bayan ganawa, kana tambaya ko an ɗauke ka ko an sallame ka. Bari in gaya maka yadda ake karanta irinsa a nan Birtaniya.

Bature ba ya cewa "ba ma so" kai tsaye. Sai ya fara da godiya, ya yabi takardunka, sannan hukuncin ya zo cikin jimla guda a tsakiya. Ita za ka nema. In ka ga "unfortunately" ko "on this occasion", wannan gurbin ya wuce ka. In suka ƙara da cewa za su ajiye takardunka, ladabi ne kawai, kada ka zauna jiran kira.

Naka ba haka yake ba, domin sun rubuta "reserve list". A aikin gwamnatin ƙasar nan, ma'anarsa ka ci ganawar, guraben ne suka ƙare kafin a zo kanka. A kan ba da maki daga 1 zuwa 7, kuma 4 ne yawanci makin tsallakewa. A ce gurabe uku ne, mutum takwas suka tsallake: ukun farko za a ɗauka, biyar su shiga jerin jira bisa makinsu, galibi na wata 12. In wani ya ƙi karɓa, ko aka buɗe gurbi makamancin wannan, sai a kira na gaba. Ka san yadda NDA ke fitar da sunayen kowace jiha haɗe da 'yan jiran gurbi, waɗanda sai wani ya kasa zuwa ake nemansu. To, kusan haka ne.

Sai dai kamfani mai zaman kansa ba ya bin wannan ƙa'ida dole, kuma saƙonka ya yi shiru a kan abu uku: wa'adin jerin, matsayinka a cikinsa, da ko ya shafi wasu gurabe. Na biyu a jere da na ashirin kalmomi ɗaya ake aika musu. Don haka ka rubuta musu gajeren saƙo, ka gode, ka ce kana nan da sha'awar aikin, ka yi waɗannan tambayoyi uku. In sun faɗi wa'adi da matsayi, jerin na gaske ne. In sun sake maimaita daɗin baki, ka ɗauka an rufe.

Kafin amsa ta zo, kada ka bar koyarwar da kake yi a Kawo, kada kuma ka daina nema. Ka riƙa duba akwatin "spam", domin tayin da ke biyo baya yakan zo da ɗan gajeren wa'adi.

Ka gaida Umma da mutanen Unguwar Dosa. Allah Ya zaɓa maka mafi alheri.

Yayarka