Dabino Biyu da Tambayar Farkon Duniya



Da yawanmu da muka bi ta karatun zaure mun haddace cewa Allah daɗaɗɗe ne, duniya kuma fararriya ce. A littattafan tauhidi irin su Ummul Barahin na Shehu Sanusi aka nuna mana hujjar: jiki ba ya rabuwa da motsi ko tsayuwa, su kuwa fararru ne, abin da ba ya rabuwa da fararre shi ma fararre ne. Abin da ba kasafai ake faɗa mana ba shi ne da wa ake wannan jayayya, kuma me abokin jayayyar yake cewa.

Abokan jayayyar su ne masana falsafa irin su Farabi da Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037. Kada mu ɗauka cewa sun musanta samuwar Allah. Sun yarda cewa duniya ba ta tsaye da kanta, daga Allah take samun samuwarta a kowane lokaci. Abin da suka ƙi shi ne a ce tana da ranar farawa. A wurinsu Allah ya gabaci duniya kamar yadda hannu ya gabaci zoben da ke yatsa wajen motsi: hannun ne sanadi, amma tare suke motsawa, babu tazarar lokaci a tsakani.

Hujjarsu mafi ƙarfi tambaya ce. In duniya ta fara a wani lokaci, me ya hana ta farawa kafin nan? Ikon Allah cikakke ne tun azal, iliminsa ma haka, babu kayan aikin da yake jira, babu mai hana shi. To me ya sabunta? In an ce wani abu ya sauya a wurin Allah, an jingina masa canji. In an ce babu abin da ya sauya, to an samu sakamako sabo ba tare da sabon dalili ba. Don haka, in ji su, tunda sanadin cikakke ne tun azal, abin da yake haifarwa ma yana nan tun azal.

Imam Gazali ya tunkari wannan a littafinsa Tahafutul Falasifa, wanda ya kammala a Bagadaza a 1095. Mas'aloli 20 ya tattauna, wannan ce ta farko kuma mafi tsawo, tana kuma cikin ukun da ya ce sun kai ga kafirci. Ya tsananta ne saboda abin da ke ƙarƙashinta. In duniya tana fitowa daga Allah dole kamar yadda haske ke fitowa daga rana, to ba a kiran wannan aiki, domin rana ba ta zaɓi ta haskaka ba.

Amsarsa ita ce: babu abin da ya sabunta. Nufin Allah daɗaɗɗe ne, kuma tun azal ya nufi duniya ta samu a lokacin da ta samu. Masana falsafa suka ce ai kafin halitta duk lokuta iri ɗaya ne, babu abin da ya fifita wannan a kan wancan, ta yaya za a zaɓi ɗaya? A nan ne Gazali ya kawo misalin da ya fi tsaya mana a rai. Ga mutum yana jin yunwa, an ajiye masa dabino biyu, girmansu ɗaya, kyansu ɗaya, nisansu daga hannunsa ɗaya, kuma ba zai iya ɗaukar duka biyun ba. Shin zai zauna yana kallonsu har abada don babu wanda ya fi wani? Kowa ya san zai miƙa hannu ya ɗauki ɗaya. Siffar da ta sa ya ware abu daga irinsa ba tare da wani fifiko daga waje ba, ita ake kira nufi. Wanda ya ce sai an sami dalilin fifiko kafin nufi ya yi aiki, ya soke ma'anar nufin ne gaba ɗaya.

Bai tsaya ga kare kansa ba, ya juya ya kai hari da lissafin taurarin da su kansu suka yarda da shi. A ilimin falaki na zamanin, rana tana kammala zagayenta a shekara 1, Mushtari a shekara 12, Zuhal a shekara 30. Mu ɗauki shekara 60: rana ta zagaya sau 60, Mushtari sau 5, Zuhal sau 2. Duk tsawon da muka ƙara, zagayen rana zai ci gaba da ninka na Zuhal sau 30. Yanzu a ce duniya ba ta da farko. Zagayen rana da ya wuce ba shi da iyaka, na Zuhal ma ba shi da iyaka, alhali ɗaya kashi ɗaya ne cikin talatin na ɗayan. Ta yaya mara iyaka zai fi mara iyaka yawa? Sannan ya tambaya: adadin nan yana rabuwa biyu daidai, ko ɗaya zai yi saura? In ɗaya zai yi saura, ƙarin ɗaya zai cike shi, to ta yaya abin da ba shi da iyaka zai rasa ɗaya? Irin wannan hujja ta riga Gazali. Wani malamin Kirista na Iskandariyya a ƙarni na 6, wanda Larabawa ke kira Yahya an-Nahwi, ya yi amfani da ita a kan mabiya Aristo.

Gaskiya ta wajabta mana mu faɗi cewa maganar ba ta ƙare a nan ba. Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar da martani a Tahafutut Tahafut. Ya ce mai yunwar nan ba tsakanin dabino da dabino ya yi zaɓi ba. Zaɓinsa tsakanin ci ne da zama da yunwa, kuma ci yana da fifiko a fili. Ko wanne ya shigo hannunsa ya biya buƙata. Game da zagayen taurari kuma, masana falsafa sun ce abin da ya wuce ya shuɗe, ba a tare yake wuri ɗaya ba balle a ƙirga shi a matsayin jimla. Daga baya, a ƙarni na 19, Georg Cantor ya nuna cewa tari mara iyaka yana iya daidaita ɗaya bayan ɗaya da wani yankinsa, abin da ya rage wa hujjar lissafin kaifi, ko da yake bai warware tambayar ko za a iya ƙetare zamani mara farko har a iso yau ba.

Mu a ganinmu, martanin Ibnu Rushdi bai kawar da misalin dabinon ba. Ko da ci ne manufa, hannun ya sauka a kan guda ɗaya takamaimai, ya bar ɗayan, kuma babu wani abu a jikin dabinon da ya jawo hakan. Wannan kaɗai Gazali yake buƙata. Shi da kansa ya bayyana cewa a wannan littafi rusawa ya zo yi, ba gini ba. Masana falsafa sun yi da'awar cewa hujjarsu yankakkiya ce kamar ta lissafi. In har hankali yana iya ɗaukar nufin da ke ware abu daga irinsa, to yankewar ta faɗi, abin da ya rage musu ra'ayi ne da ake iya jayayya da shi.

Abin da ya sa naushin ya shiga shi ne Gazali ya fara shimfiɗa hujjar abokan hamayyarsa da cikakken ƙarfinta, har ma ya ƙara musu amsoshin da za su iya bayarwa, kafin ya taɓa ta. Duk wanda zai yi rubutu a kan wannan mas'ala a cikinmu, ya fara gwada kansa da tambayar Ibnu Sina: me ya sabunta? In bai ji nauyinta ba, bai kai ga fahimtar dalilin da ya sa aka kawo dabino biyu ba tukuna.

Allah ne Mafi sani.