Abu ɗaya, suna ɗaya: yadda muka tsare kalmomin lissafi a fassarar jagorar malami

Faransanci yana da kalmomi biyu da yaron lakwal yake haɗuwa da su tun ajin farko, `chiffre` da `nombre`, mu kuwa a maganar yau da kullum duka biyun lamba muke ce musu. A kasuwa wannan ba ya hana ciniki. Amma a aji, idan littafi ya ce wa yaro ya rubuta “lamba mafi girma mai lamba biyu”, an bar shi cikin duhu, kuma mushen da ke gabansa ma sai ya tsaya ya yi tunani. Tun da aka fara gwajin koyarwa da Hausa tare da Faransanci a Damagaram a 1973 ake fama da irin wannan, domin yaron da zai koma karatu da Faransanci nan gaba yana bukatar ya riga ya rarrabe abubuwan biyu a harshensa.

Mu uku aka ba aikin mayar da jagorar malami ta lissafi ta aji biyu daga Faransanci zuwa Hausa, aikin da ya ɗauke mu kusan shekarar karatu guda, kowa da babobinsa, kowa a garinsa. A irin wannan dogon aiki abin tsoro shi ne abu ɗaya ya sami suna uku: wanda na sa masa a watan Nuwamba, wanda abokiyar aikina ta sa masa a Janairu, da wanda ni kaina zan iya sa masa a Afrilu bayan na manta na farko. Don haka muka yi aiki da manhajar OmegaT, wadda kyauta ce kuma tana aiki a ordinatar ko babu intanet. Abubuwa biyu ke cikinta da suka shafe mu, kuma aikinsu ya bambanta.

Na farko shi ne rumbun fassara. Manhajar tana yanka rubutun Faransanci jimla jimla, kuma duk jimlar da ka fassara sai ta adana ta tare da Hausarta a wani fayil mai suna `project_save.tmx`. Idan ka iso wata jimla mai kama da wadda aka taɓa yi, sai ta nuna maka tsohuwar fassarar a gefe, da ma'aunin kamarsu cikin ɗari. Na biyu shi ne jerin kalmomi, wato fayil ɗin `glossary.txt`, wanda mu ne muke rubuta shi da hannunmu. Rumbu yana tuna abin da aka riga aka yi, mai kyau ne ko maras kyau. Jerin kalmomi kuwa yana ɗauke da abin da aka yanke shawara a kai. Wanda ya dogara da rumbu shi kaɗai, duk kalmar da ta fara shiga ita zai yi ta maimaitawa, ko da ba wanda ya taɓa zama ya auna ta.

Shi ya sa kafin kowa ya fassara layi guda muka zauna kwana biyu a kan kalmomi kawai. Kowane layi na jerin yana da gida uku da ake rabawa da maɓallin `Tab`: kalmar Faransanci, ta Hausa, sai bayani. Ga layuka huɗu daga ciki kamar yadda suke a farkon aikin:

```
chiffre	lamba	0 zuwa 9 kawai
nombre	adadi	kada a ce lamba
numéro	lambar	tare da sunan abin: lambar shafi
retenue	ajiya	a tarawa da ɗebewa
```

An kawo shawarar a kira `chiffre` alƙalami, kamar yadda gidajen rediyo ke cewa alƙaluma, kuma Hausa ce mai kyau. Muka bar ta saboda yaro ɗan shekara bakwai da ya ji alƙalami, na makarantar allo zai tuna. Ba na cewa zaɓinmu shi kaɗai ne daidai, wani littafin yana iya ɗaukar wani. Abin da ba ya yiwuwa shi ne littafi guda ya ɗauki biyu. Gida na uku kuma shi ne ya fi yi mana amfani, domin bayan wata biyar ba wanda zai tuna dalilin shawara, kuma duk lokacin da kalmar ta fito a jimla manhajar tana nuna bayanin a gefe.

Rumbun yana rage wahala sosai a littafin lissafi, saboda umurnin da ake ba yara yana yawan dawowa. Sai dai a nan ne tarkon yake. A wani babi an riga an fassara wannan:

```
Écris le plus grand nombre de deux chiffres.
Rubuta adadi mafi girma mai lambobi biyu.
```

Can gaba sai ga `Écris le plus petit nombre de deux chiffres.` Kalmomi bakwai cikin takwas iri ɗaya ne, don haka manhajar ta kawo tsohuwar fassarar da ma'auni mai tsawo, kuma danna `Ctrl+R` sau ɗaya ya isa a zuba ta. Idan aka zuba aka wuce, jimlar Hausa za ta fito sumul, ba kuskuren nahawu, ba kalmar da ta saɓa wa jeri, amma tana neman 99 alhali amsar da ke jagorar 10 ce. Mushe zai ja wa yaron da ya yi daidai jan bik. Manhajar tana nuna kalmar da ta bambanta da wani launi, saboda haka dokarmu ita ce a karanta wannan bambancin kafin a karanta fassarar. Wanda ke bita kuma sai ya warware kowane aiki daga Hausar kaɗai, ba tare da kallon Faransancin ba, sannan ya gwada amsarsa da ta littafin. Duk inda suka saɓa, akwai abin dubawa.

Ko jimlar da ta yi daidai ɗari bisa ɗari tana iya yaudara. OmegaT tana baza fassara guda a duk inda jimla iri ɗaya ta sake fitowa. `Écris-le en lettres.` ta fito sau da yawa a jagorar. A Faransanci `chiffre` da `nombre` duka maza ne, amma a Hausa adadi namiji ne, lamba kuwa mace. Bayan maganar adadi sai a ce “Rubuta shi da haruffa”, bayan maganar lamba kuwa “Rubuta ta da haruffa”. Rumbu ba ya sanin me aka ambata a jimlar da ta gabata sai an nuna masa. Akwai umurnin `Create Alternative Translation` da ke ba jimla fassara ta dabam a wurin nan kaɗai, kuma da shi muka bi waɗannan gajerun jimloli ɗaya bayan ɗaya.

Babbar jarrabawa ta zo ne da aka kai tsakiyar aiki. An ba wasu malamai babobin farko su gwada a aji, suka dawo da cewa idan ana tara 27 da 16 ba wanda ke cewa “na ajiye ɗaya”. Abin da bakinsu da na yara ya saba shi ne “bakwai da shida sha uku, na rubuta uku, na riƙe ɗaya”. Waɗanda suka ba mu aikin suka ce a bi bakin aji, ajiya ta koma riƙo. Gyara layin a jerin kalmomi minti ɗaya ne, amma wannan ba ya taɓa ko jimla guda daga waɗanda aka riga aka fassara.

Hanyar da ta fi sauri ita ce a ce wa manhajar ta maye kowace “ajiye” da “riƙe”, kuma ita ce mai ɓarna, domin jagorar cike take da “yara su ajiye kaye” da “a ajiye tsakuwa goma a kan tebur”. Sai muka nema daga ɓangaren Faransanci da `Ctrl+F`. Neman `retenue` kaɗai bai isa ba, saboda kalmar tana zuwa a siffar aikatau: `retiens`, `retient`, `retenir`, `retenu`. Muka nemi `reten` da `retien`, muka buɗe kowace jimla muka gyara da hannu, muna tsallake inda ma'anar ita ce haddace darasi. Bayan haka muka juya muka nemi “ajiya” a ɓangaren Hausa, don mu tabbata duk wadda ta rage ba ta lissafi ba ce.

Saura mataki guda da ake yawan mantawa. Kowannenmu yana da kofen rumbun sauran a jakar `tm`, kuma waɗannan tsofaffin kofe suna nan da “ajiya”. Idan aka bar su, manhajar za ta ci gaba da miƙo tsohuwar kalma a kowane sabon babi, kuma mai gajiya da dare zai karɓa. Ranar da aka gama gyara kowa ya share tsofaffin, ya fitar da sabon rumbu, muka yi musaya. Jerin kalmomi kuwa mutum ɗaya ne kawai ke da ikon canja shi, yana aiko mana da sabo da kwanan wata a bayanin layin da ya sauya.

Haruffa masu ƙugiya ma suna shiga wannan magana. A wurin manhaja “riƙo” da “riko” kalmomi biyu ne, haka ƴaƴa da aka rubuta da ƴ irin tamu ta Nijar da wadda aka rubuta da alamar ɗauri kafin y irin ta Najeriya. Idan ɗayanmu ya buga ba ƙugiya, nema ba zai gano jimlarsa ba, gyara ya wuce ta. Tun farko muka sa allon bugu iri ɗaya mai ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, muka adana jerin da tsarin `UTF-8` don kada haruffan su rikiɗe.

Malami ko uba da ke son ya san ko an yi wa littafin ɗansa irin wannan kulawa ba ya bukatar ordinatar. Ya ɗauki kalma guda ta lissafi a babin farko, ya duba sunan da aka ba abin nan a tsakiya da kuma ƙarshe, sannan ya gwada jagorar malami da littafin ɗalibi. Idan sunan ya canja, ya rubuta shafukan ya kai wa mai ba malamai shawara na yankinsa, a aji kuma ya tsaya a kan kalmar da ke littafin da yara ke riƙe da shi.