Layi ɗaya da ya kusa hana mu samun malamai

A hutun ƙarshen zangon da ya wuce, ƙungiyarmu ta ɗaliban jami'a 'yan ƙaramar hukuma ɗaya ta ɗauki alkawarin koyar da ƙannenmu masu shirin rubuta JAMB kyauta. Shugaban wata makaranta ya ba mu aron ajujuwa, iyaye sun rubuta sunayen yaransu. Abin da ya rage shi ne mutum 20 da za su tsaya gaban allo. Zaurenmu na WhatsApp kuwa, duk sanarwar da aka saka, kafin la'asar muhawarar ƙwallo ta binne ta. Sai muka koma ga adireshin imel 240 da mambobi suka bayar lokacin rajista.

Mun shafe dare biyu muna gyara wasiƙar. Taken saƙon, wato abin da ake rubutawa a gurbin Subject, ko minti ɗaya bai ci mana ba. Muka rubuta: "SANARWA TA MUSAMMAN DAGA KWAMITIN ILIMI NA ƘUNGIYA ZUWA GA DUKKAN MAMBOBI". Bayan mako guda, mutum uku kacal suka amsa.

Mun fara zargin mambobi da son jiki, har sai da wata 'yar kwamiti ta miƙo mana wayarta. Abin da ya fito a akwatinta shi ne "SANARWA TA MUSAMMAN DAGA KWAMITIN", sai ɗigo uku. Waya tana yanke take ne a wajen harafi 30 zuwa 40, gwargwadon faɗin fuskarta, kuma manyan baƙaƙe sun fi cin wuri. Mun ƙarar da gurbin gaba ɗaya ba mu ce komai ba. Ko da ma an ga taken duka, babu koyarwa a cikinsa, babu JAMB. Wanda ya gani zai zaci kuɗin ƙungiya za a sake tambaya.

Karo na biyu sai muka yi gwaji. Muka raba sunayen gida biyu, 120 kowanne, ta hanyar ɗaukar ɗaya a tsallake ɗaya, don kada 'yan sashe guda su taru a gefe guda. Wasiƙa ɗaya ce, an tura a lokaci ɗaya, take kawai muka bambanta. Rukunin farko suka samu "Dama ta samu! Kada ta wuce ku". Na biyu suka samu "Neman masu koyarwa: awa 2 a mako". Da farko "Za ka iya koyarwa?" muka so rubutawa, sai matan kwamiti suka tambaye mu ko su ba a neman su ne. Turanci ba ya jefa mutum cikin wannan tarkon, amma a Hausa dole ka zaɓi "ka", "ki" ko "ku".

Manhajar da muka yi turawar da ita tana ƙirga waɗanda suka buɗe. Ta nuna 52 a rukunin farko, 41 a na biyu. Masu goyon bayan "Dama ta samu" har sun fara tafi. Da amsoshi suka gama shigowa sai labari ya juya: mutum 4 daga rukunin farko suka yarda za su koyar, 12 daga na biyu. Akwai ma wanda ya rubuto daga rukunin farko yana tambayar nawa ne alawus. Mun gane cewa kalmar "dama" tallafin karatu ko aiki take kawo wa ɗalibi a rai, sai ya buɗe ya tarar lokacinsa ake roƙo, ya rufe da jin an yaudare shi. Take na biyu ya faɗi aikin da nauyinsa tun daga waje, don haka wanda ya buɗe ya riga ya fara lissafa ko yana da awa biyun.

Shi kansa ƙidayar buɗewa ba abin rantsuwa ba ce. Ana yin ta ne da wani ɗan hoto da ido ba ya gani, wanda ake ɓoyewa cikin saƙo. Idan wayarka ta sauke shi sai a rubuta ka buɗe. Wanda ya toshe hotuna don tattalin data zai karanta tsaf ba a ƙirga shi ba. Tun 2021 kuma manhajar wasiƙu ta Apple tana iya sauke hoton da kanta ko mai wayar bai taɓa saƙon ba. Ratar mutum 11 tsakanin rukunai ƙanana irin namu ba ta isa a kafa hujja da ita ba.

Da ukun farko muka tashi da mutum 19. Babu mai koyar da kimiyyar sinadarai a cikinsu, don haka muka zaɓo sunayen 'yan sashen su kaɗai, muka tura musu: "Ajin sinadarai na Asabar ba malami". Biyu suka amsa kafin magariba, ɗaya ta zo da littattafanta na sakandare a cikin leda.