Mabiya dubu uku, amma mutum nawa suka amsa maka?



Kwanan nan kowa ka taɓa sai ya nuna maka yawan mabiyansa a LinkedIn, wai yana ƙulla alaƙa da manya. Ni dai lissafina daban ne. Ina digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a Ibadan, kuma bincikena ba ya tafiya sai da mutanen da za su buɗe min ƙofar asibitocin sha-ka-tafi. Don haka abu uku nake rubutawa a bayan littafina: wa ya amsa saƙona, wa ya ba ni lokaci muka zauna, wa ya haɗa ni da wani.

A zangon da ya wuce na tura saƙo 30. Mutum 9 suka amsa, na zauna da 4, biyu daga ciki suka haɗa ni da wasu. Ban ƙirga masu turo "Allah ya taimaka" ko hoton babban yatsa ba. Addu'a dai mun gode, amma amsa a wurina ita ce wadda ta taɓa abin da na tambaya, ko da "a'a" ce.

Da na raba saƙonnin gida biyu sai abin ya fito fili. Guda 20 na tura wa waɗanda ba mu san juna ba, uku suka amsa. Sauran 10 na fara su da sunan wanda ya ba ni lambar, shida suka amsa. Ka ga ke nan na san inda zan zuba ƙarfina, abin da adadin mabiya ba zai taɓa gaya min ba.

Inda lissafin ya tsinke, nan matsalar take. In ba a amsawa, duba saƙon. Mu da kunyarmu mukan cika shi da gaisuwa mu bar buƙatar sai an amsa, shi kuwa mai aiki ya gani ya wuce. In ana amsawa amma ba a zama, ba ka nemi abu takamaimai ba, "ko zan samu minti goma sha biyar ranar Laraba?" ya fi "ina son mu san juna". In kuma ana zama ba a haɗa ka da kowa, galibi ba ka tambaya ba ne. Kafin in tashi nakan ce, "Akwai wanda kike ganin ya kamata in gani?"

Haɗawar ma iri biyu ce. "Je ka ce ni na aiko ka" rabin maki nake ba ta. Cikakkiya ita ce ya kira mutumin da kansa, ko ya tura masa saƙo da sunanka.

Sai dai kar ka yanke hukunci da saƙo biyar, ko a makon jarrabawa da malamai ba sa duba waya. Ni mako biyu nake jira, in tuna wa mutum sau ɗaya, sannan in ja layi a kan sunansa.