Kibiyar awon suga kafin tuwon dare

Uwargida, idan ɗanki mai ciwon suga yana ɗauke da na'urar FreeStyle Libre a damtse, kada ki tsaya kan lambar kawai. Dubi kibiyar da ke gefenta.

A ce da magariba, kafin tuwon masara, kin ga 110 mg/dL. Idan kibiyar tana kwance, sugan a tsaye yake, sai ki yi allurar insulin yadda likita ya tsara. Amma idan ta miƙe tana kallon ƙasa, sugan yana sauka da fiye da 2 kowane minti. Cikin rabin awa zai iya kaiwa 50, alhali ƙasa da 70 ma haɗari ne. Hakan yakan faru lokacin kaka a Funtua da Malumfashi, in yaro ya wuni a gona, domin aikin ƙarfi yana ci gaba da jan suga har cikin dare. A nan ki fara ba shi suga cokalin shayi uku a ruwa, ki sake aunawa bayan minti 15, ya ci abinci sannan allura. Yawan abin da za a rage daga allurar kuwa, ki nemi likita ya rubuta miki tun da wuri.

Na'urar tana auna ruwan ƙarƙashin fata ne, don haka takan makara da wasu mintuna. In yaro yana gumi da rawar jiki amma lambar lafiya lau, ki huda yatsa ki tabbatar.

Duk bayan mako biyu ki buɗe Time in Range a wayar. Ana son fiye da kashi 70 cikin 100 na lokacin ya faɗa tsakanin 70 da 180, kusan awa 17 a rana. Ni dai a asibiti nakan fara duba lokacin da ya yi ƙasa da 70, wanda bai kamata ya kai awa ɗaya ba. In hawan kullum bayan kokon safe ne, ki rage kofin, ki haɗa da ƙosai ko ƙwai, ki kai wa likita hoton jadawalin kafin a ƙara allura.