Akwatin da Ba Ya Yarda a Bar Shi Fanko

Mu da muka taso tsakanin Jega, Aliero da Maiyama, suna ɗaya aka raɗa mana. Ranar bakwai aka yanka rago, liman ya faɗi suna, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da jama'a cewa an samu Hauwa'u ko an samu Usmanu. Ba wanda ya tambayi suna na biyu, don kowa a unguwa ya san ɗiyar wace ce. Daga baya laƙabi ya biyo: Asabe don an haife ta ran Asabar, Tanko don mata ya biyo, Gambo don ya zo bayan tagwaye. Idan ɗan fari ne, uwarsa ma ba za ta kama sunan ba saboda kunya. Duk wannan ya ishe mu a gida da kasuwa. Ranar da aka miƙo mana fom ce muka gano cewa a wajen hukuma suna ɗaya rabin suna ne.

Fom yana da akwati biyu aƙalla. Ɗaya an rubuta masa Surname, wato sunan da dukan zuri'a ke gado, ɗayan kuma First name ko Given names, wato sunan mutum na kansa. Tsarin Turawa ne, inda kaka da uba da jika ke ɗauke da sunan gida guda. Mu ba mu da irin wannan suna, sai muka riƙa aro. Wasu suka ari sunan mahaifi, wasu na kaka, wasu na gari. Tun zamanin makarantun Turawa ake liƙa wa yaro sunan garinsu don a bambanta shi da sauran masu sunansa a aji. Shagari gari ne kafin ya zama sunan shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Haka Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015, da Muhammad Adamu Aliero, gwamnan Kebbi daga 1999 zuwa 2007. Duk duniya ta san su da sunan garuruwanmu, kuma a takarda sunan garin ne ke zaune a akwatin zuri'a.

Akwai ƙasashen da mutane ba su yi wannan aro ba, suka shiga duniya da sunansu ɗaya tal. Shugabannin Indunisiya biyu na farko, Sukarno da Suharto, kowanensu suna ɗaya gare shi. A Indiya da Afganistan har yau akwai masu fasfo mai suna ɗaya. Abin da ke samunsu a hanya ya kamata mu sani, domin shi ne ke nuna yadda kwamfutocin nan ke ɗaukar suna.

Ku ari fasfon wani babba a gida, ku buɗe shafin hoto. A can ƙasa akwai layi biyu na haruffa da lambobi da alamar <, kowane layi gurbi 44. Wannan ne na'urar filin jirgi ke karantawa, kuma tsarinsa ɗaya ne a duk duniya, hukumar jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ICAO, ce ta shimfiɗa shi. Mu ɗauki misalin yarinya daga Maiyama, Hauwa'u ɗiyar Malam Bello. Layin farko na fasfonta zai fito kamar haka:

```
P<NGABELLO<<HAUWAU<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<
```

P na nufin fasfo, NGA Nijeriya. Sai sunan zuri'a, sai alamar < guda biyu da ke raba shi da sunan yanka, sauran kuma ciko ne. Ku lura waƙafin sama na Hauwa'u ya ɓace, don wannan layi bai san shi ba, kamar yadda bai san ƙugiyar ɗ da ƙ ba: Ɗanladi zai koma DANLADI. Da a ce Hauwa'u kawai ke cikin fasfon, ƙa'idar ita ce a sa shi a gurbin farko, na zuri'a, a cike sauran:

```
P<NGAHAUWAU<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<
```

Ke nan tsarin fasfo ya yarda da mai suna ɗaya. Rigima tana farawa ne idan fasfon ya haɗu da kwamfutar da ba ta barin akwati fanko.

Ofishin jakadancin Amurka yana da tasa dabarar. Mai suna ɗaya zai sa sunansa a akwatin zuri'a, a ɗayan kuma ya rubuta FNU, haruffan da ke nufin ba a san sunan farko ba. Bizar sai ta fito da FNU HAUWAU. Idan ta isa can, makaranta da banki da ofishin lasin tuƙi duk daga biza za su kwafa, har a wayi gari malami na kiran rajista yana cewa "Funu", yana zaton sunanta ne. Mutane da yawa daga Afganistan da Indiya sun yi shekaru suna amsa wannan suna da ba wanda ya yanka musu rago a kansa. Kanada kuwa cewa take a sa sunan a akwatin zuri'a, a bar ɗayan ba komai. Mutum ɗaya, fasfo ɗaya, amma kowace ƙasa da yadda za ta rubuta shi.

Kamfanonin jirgi su ma ba bakinsu ɗaya ba. Tikiti yana fitowa ne da sunan zuri'a a gaba, kamar BELLO/HAUWAU. Ga mai suna ɗaya, wani kamfani zai ce a maimaita, ya zama HAUWAU/HAUWAU, wani ya ce a sa FNU, wani kuma LNU, wato ba a san sunan ƙarshe ba. Wanda ya yi wa kansa shaci-faɗi wajen sayen tikiti yana iya tarar da ma'aikacin kanta ya ƙi ba shi takardar shiga jirgi. Kamfanin yana da dalilinsa: idan ya kai fasinja ƙasar da ta ƙi karɓarsa, shi zai dawo da shi, sau da yawa har da tara. A watan Nuwamban 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Dubai take, ta sanar da kamfanonin jirgi cewa mai suna ɗaya a fasfo ba zai shiga da bizar ziyara ko ta yawon buɗe ido ba. Bayan 'yan kwanaki aka sassauta, aka ce za a karɓi wanda sunan mahaifinsa ko na zuri'arsa ke rubuce a wani shafi na fasfon. A shekarar dai Indunisiya ta kafa ƙa'idar cewa sabon suna da za a yi wa rajista ya kasance kalma biyu aƙalla.

A nan gida da wuya a bar ka ka kai ga wannan matsala, don tun daga fom ɗin NIN za a nemi suna biyu. Tamu matsalar ta fi ɓoyewa. Tunda sunan na biyu aro ne, duk wanda ya cika mana fom yana aro daga inda ya ga dama.

Mu koma ga Hauwa'u. Mahaifinta Bello ne, kakanta Umaru. A takardar haihuwa an rubuta Hauwa'u Bello. Hedimasta a firamare ya tarar da Hauwa'u Bello uku a aji ɗaya, sai ya ƙara mata Maiyama. Ranar yin NIN ƙanen babanta ne ya kai ta, aka tambayi sunan zuri'a, ya ba da nasa, Umar, aka kuma rubuta Hauwa ba "u". Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Amma yanzu a idon kwamfuta akwai yara uku: Hauwa'u Bello, Hauwa'u Bello Maiyama, da Hauwa Bello Umar.

Shekaru za su wuce ba abin da ya faru, sai ta kai aji shida. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma sunan da ke rumbun hukumar NIMC shi JAMB ke ɗaukowa. Takardar JAMB za ta ce Umar, sakamakon WAEC ko NECO ya ce Maiyama. Ko da ta samu gurbi a jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, a teburin tantance takardu za a ajiye su gefe da gefe a tambaye ta wacce ce ita. Banki ma haka. Lambar BVN, wadda Babban Banki ya ƙaddamar a 2014, tana ɗauke da suna a jere, kuma idan ya saɓa da na NIN ko na asusu, ana iya ƙin haɗa su, kuɗin tallafin karatu ya maƙale. Fasfo kuwa daga NIN ake ɗaukar sunansa, biza da tikiti kuma daga fasfo. Kuskuren da aka yi a ƙaramin shago a bakin kasuwar Jega yana iya bin mutum har Jidda.

Akwai wani abin da ke ɗaure wa ma'aikatan jakadanci kai game da mu. A fasfon mahaifinta sunan zuri'a Umar ne, don shi Bello Umar ne. A nata kuma Bello ne. Idan ta yi aure, mijinta da nasa daban, don a al'adarmu da addininmu mace ba ta sauke sunan ubanta. Gida ɗaya, sunan zuri'a uku. A ganinmu wannan ba abin gyara ba ne, kuma ba mu ga dalilin da zai sa yarinya ta yar da sunan mahaifinta don a daɗaɗa wa fom ba. Abin da ke warware shi takardar haihuwa ce ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ke nuna sunan uba da na uwa, sai takardar aure ga ma'aurata.

Gane matsalar ba ya cin ko kwabo. Ku ɗauko takardar haihuwa, ta gama firamare, da ta NIN, ku shimfiɗa su a tabarma. Ku duba wane suna ne ke akwatin Surname a kowace. Ku duba jerin sunayen, don Bello Usman da Usman Bello mutum biyu ne a kwamfuta, kuma da yake sunayenmu na zuri'a sunayen yanka ne, mai buga fom ba shi da yadda zai gane an juya su. Sannan ku bi rubutun harafi-harafi: Muhammad, Mohammed da Muhammadu ba ɗaya ba ne, haka Aisha da A'ishatu. Malam, Alhaji da Hajiya kuwa girmamawa ce, ba su da wuri a akwatin suna.

Idan kun ga saɓani, lokacin gyara shi ne kafin makaranta ta tura sunayenku na jarrabawar fita, wato tun kuna aji huɗu ko biyar. Ku zauna da iyaye a tsayar da suna guda da rubutu guda, sannan a gyara takardar da ta kauce. Gyaran suna a NIMC ana biyan kuɗi, kuma akan nemi takardar rantsuwa daga kotu da sanarwa a jarida. Yana ɗaukar lokaci, rajistar JAMB kuwa 'yan makonni ce ake rufewa. Takardar sakamako da aka riga aka buga ita ce mafi wuyar taɓawa, shi ya sa wanda ya makara yakan ƙare da yawo da takardar rantsuwa a cikin fayil duk inda za shi neman aiki.